Yadda Ake Auna Zurfin Zanen Taya da Alamar Cikin Kwari da Kwabo

Tambaya ɗaya ce ake ta maimaita mana, musamman da damina ta kunno kai: yaya mutum zai gane da kansa ko tayarsa tana da sauran zane, ko ta suɗe ta kai inda doka ta hana hawanta? Aikin ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a kan mota mai taya huɗu, kuma ba sai an cire taya ba. Amma akwai wuraren da ake yawan kuskure, har mutum ya auna ya ce lafiya lau alhali gefen ciki ya zama sumul.

Lamba ɗaya za ka riƙe kafin komai: milimita 1.6. Shi ne mafi ƙarancin zurfin da doka ta yarda da shi ga ƙananan motoci a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, kuma shi ne inci 2/32 da akasarin jihohin Amurka ke aiki da shi. A kan wannan tsayin ne kamfanonin taya suke gina alamar suɗewa a cikin tayar tun daga masana'anta, ko ina za a kai ta a sayar. A Najeriya ma hawa suɗaɗɗiyar taya yana cikin jerin laifuffukan da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take cin tara a kansu. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zurfin kusan milimita 8, wato abin da kake da ikon cinyewa bai wuce milimita shida da ɗoriya ba.

Kayan aiki

Tocila, ko ta waya ce. Kwabo ɗaya mai tsabta wanda bakinsa bai cinye ba. Rular makaranta mai layin milimita. Alli, ko ɗan salatif na takarda da biro. Ƙaramin sukundireba ko tsinke mai ƙwari don ƙwaƙule tsakuwa. Takarda da za ka rubuta abin da ka samu. Duk waɗannan akwai su a gida, ba sai ka kashe ko sisi ba. In kana son ƙarin tabbaci, akwai ɗan gejin auna zane mai kama da sirinji da ake samu wurin masu kayan gyaran mota, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da kuɗin taya ɗaya. Za mu zo kan lokacin da ya zama dole.

Mataki na 1: Ajiye motar yadda za ka ga fuskar taya duka

Nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai haske, ka ja birkin hannu, ka sa giya. Kafin ka kashe inji, murɗa sitiyari har ƙarshe zuwa hagu. Haka zai fito maka da fuskar tayoyin gaba waje, ka ga faɗinsu daga kafaɗar waje har kafaɗar ciki. In ka gama da ɓangare ɗaya sai ka murɗa zuwa dama. Tayoyin baya ba sa juyawa, don haka sai ka durƙusa ta bayan motar ka haska da tocila daga ƙasa.

Gargaɗi: kada ka sa hannu tsakanin taya da jikin mota inji yana aiki, ko wani yana zaune a kan sitiyari. Kuma in ka ɗaga motar da jak don ka riƙa juya tayar da hannu, kada ka shigar da kanka ko kafaɗarka ƙarƙashinta. Jak na canjin taya ba abin dogaro ba ne.

Mataki na 2: Share kwarin

Kwari shi ne ramin da ya zagaye tayar a tsaye, yawanci uku ko huɗu manya. Laka da ta bushe a ciki da ƙananan tsakuwa suna cike gindin ramin, sai kwabo ya tsaya a kansu ya nuna maka zurfin da bai kai na gaskiya ba, kuma su ɓoye alamar da kake nema. Ƙwaƙule su, ka goge da tsumma. In ka ci karo da ƙusa a nutse, bar ta a inda take har ka isa wurin mai faci, domin cire ta yana iya sace iskar nan take.

Mataki na 3: Nemo alamar suɗewa

Fara daga gefen taya, can sama kusa da inda zane ya fara. Za ka ga ɗan ƙaramin alwatika, ko haruffan TWI. Tayoyin Michelin suna sa ɗan mutumin tambarinsu a wurin. Ɗora yatsa a kan alamar, ka bi ta miƙe zuwa fuskar tayar, ka leƙa cikin kwarin farko. A gindinsa akwai wani ɗan tudun roba da ya gitta ramin kamar 'yar gada, faɗinsa bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ka ci gaba a layin, za ka same shi a kwari na biyu da na uku. Wannan ita ce alamar, kuma tsayinta daga gindin kwari shi ne milimita 1.6.

A tayar ƙaramar mota jerin gadojin nan yana maimaituwa aƙalla sau shida a zagayen taya. Ɗauki taya mai lamba 195/65 R15, wadda take kan motoci da yawa a titunanmu: zagayenta kusan mita biyu ne, don haka in jeri shida ne, duk bayan kamar santimita 33 za ka tarar da wani. Ba za ka yi dogon nema ba.

Abubuwa biyu suna ruɗar mutane a nan. Na farko, a kafaɗar taya akwai wasu gadoji da suke haɗa haƙoran zane da juna don su yi ƙarfi. Waɗannan sun fi alamar suɗewa tsayi, kuma suna cikin ƙananan tsagu masu gittawa. Mutum zai ga sun kusa daidaita da fuska ya tsorata a banza. Alamar gaskiya tana cikin manyan kwaruruka, daidai saitin alwatikan nan. Na biyu ya shafi tayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Da yawa daga cikinsu tayoyin hunturu ne na ƙanƙara, kuma wasunsu suna da gada iri biyu: doguwa mai milimita 4, wadda ake yi wa alama da hoton ƙanƙara a gefe, da gajeriya mai 1.6. Doguwar tana gaya wa direban can cewa tayar ta daina amfani a kan ƙanƙara. Gajeriyar ce ma'aunin doka.

Mataki na 4: Karanta alamar da ido da yatsa

Haska tocila daga gefe, a kwance, kada ka haska daga sama. Hasken kwance yana sa inuwa, inuwar ce za ta nuna maka tazarar da ke tsakanin kan gada da fuskar zane. Sannan ka shafa da yatsa, ka ja farce daga kan haƙorin zane zuwa kan gadar.

In farcenka ya faɗa rami sosai kafin ya taɓa gadar, akwai sauran roba. In ya ɗan sauka kaɗan kamar kaurin katin waya, tayar tana bakin ƙarewa, fara tanadin kuɗi. In farce ya wuce sumul ba tare da ya ji gaɓa ba, har gadar ta haɗe da haƙoran hagu da dama ta zama layi ɗaya a gicciye, tayar ta kai iyaka. Ba a jira sai duk gadojin sun fito. Ko a wuri ɗaya ne cikin manyan kwaruruka, hukuncin tayar ke nan.

Gada tana da iyakarta, shi ya sa ake haɗa ta da kwabo. Abin da take faɗa biyu ne kawai, an kai ko ba a kai ba. Ba za ta gaya maka milimita nawa suka rage ba, kuma ba ta san abin da ke faruwa a tsakanin jeri da jeri ba, inda birki mai ƙarfi kan iya cinye wuri ɗaya ya bar tabo.

Mataki na 5: Mai da kwabonka ma'auni

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a kansa ne sauran aikin ya dogara. Kwabo yana aiki ne kawai in ka san tazarar da ke tsakanin bakinsa da wata alama a jikinsa. Shi ya sa kowace ƙasa take da nata kwabon da aka saba da shi.

A Birtaniya ana amfani da kwabon peni 20, wato 20p. Yana da wani zobe a bakinsa mai faɗin da bai cika milimita 3 ba. In zoben ya nutse ya ɓace a cikin kwari, zurfin ya haura na doka da rata. In ana ganinsa, ba lallai ne tayar ta karya doka ba, amma ta matso kusa, sai a auna da geji. A Amurka kwabon santi ɗaya ne mai kan Lincoln, ana kifa shi kai ƙasa: in ana ganin kan gaba ɗaya har saman gashi, zurfin ya sauka zuwa inci 2/32 ko ƙasa. Kwabon santi 25 mai kan Washington yana ba da inci 4/32, kusan milimita 3.2. A ƙasashen yuro kuma zoben ruwan zinariya na yuro ɗaya yana kusan milimita 3. Wanda yake zaune a ɗaya daga cikin wuraren nan ya yi amfani da nasu. Lura dai cewa ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na Lincoln yana kan iyakar doka daidai, na 20p da na yuro kuwa gargaɗi ne tun da wuri.

Kuskuren da ake yi a nan gida shi ne a ji labarin gwajin kwabo sai a ɗauki duk wanda aka samu a ce in rubutu ya ɓace taya tana da kyau. Wane rubutu, kuma a tazarar nawa? A Najeriya kwabo ya kusa ɓacewa daga hannun mutane, sai dai tsofaffin naira ɗaya da naira biyu na 2007 masu zobe, in an dace da su a cikin wani gwangwani. A Nijar da Kamaru da Chadi kuwa tsabar sefa tana yawo kullum. Ko wanne ka samu, ga yadda za ka yi masa.

Kwantar da shi a kan tebur, ka ɗora rula ta ratsa tsakiyarsa, sifirin rular daidai bakin kwabon. Rula ba ta da layin 1.6, don haka ɗauki milimita 2 a matsayin layin haɗari. Yanko ɗan salatif mai miƙaƙƙen baki ka manna a gicciye, yadda milimita 2 kacal na kwabon za su leƙo a ƙarƙashinsa. Juya kwabon ta ɗaya fuskar, ka manna wani salatif da ya bar milimita 3. Rubuta 2 da 3 a kansu. Yanzu kana da ma'auni mai layi biyu, na gargaɗi da na haɗari. In kwabon mai zobe ne, kana iya auna faɗin zoben da rula ka haddace, ya zame maka layi na uku.

Gargaɗi: auna daga daidai tsakiyar bakin, wurin da zai fara taɓa gindin rami. Kwabo zagayayye ne, in ka kauce gefe kaɗan tazarar ta canja. Kuma zaɓi siriri. Kwari yana tsukewa ta ƙasa, kwabo mai kauri yakan maƙale a bango bai kai gindi ba.

In babu kwabo sam, tsinken ashana yana yi: tura gindinsa cikin ramin, ka dafe da farce daidai fuskar zane, ka zaro ka gwada da rula.

Mataki na 6: Auna, a wurare tara aƙalla

Saka kwabon cikin kwari ta bakinsa, tsawonsa yana bin tsawon ramin, a tsaye cak, ka danna a hankali har ka ji ya taɓa gindi. Sauko da idonka daidai fuskar tayar ka duba daga gefe. In ka leƙa daga sama, za ka hango cikin ramin, ka ga layin kamar bai nutse ba alhali ya nutse. 

A kowace taya auna kwari uku: na waje, na tsakiya, na ciki. Sa alli a gefen tayar inda ka auna. Sai ka gusa motar gaba kamar taku ɗaya, wato kusan sulusin zagaye, ka sake auna ukun. Gusa kuma, ka sake. Wurare tara ke nan. Dalilin wannan wahala yana cikin yadda dokar take. A Birtaniya, alal misali, ana buƙatar milimita 1.6 a faɗin kashi uku cikin huɗu na tsakiyar fuskar taya, kuma a zagayenta gaba ɗaya. Wuri mafi muni shi ake ɗauka, ba a haɗa lambobi a raba. Can tarar taya ɗaya tana iya kai fam 2,500 da maki uku a kan lasisi, kowace taya da nata lissafin.

Gargaɗi: kada kwabon ya sauka a kan gada. Zai rage maka 1.6 daga zurfin gaskiya, ka jefar da taya mai sauran aiki. Matsa gefe da gadar kaɗan. Amma akwai dabara a cikin wannan kuskuren in da gangan aka yi shi: in ka ɗora kwabon a kan gadar, abin da ya nutse shi ne ainihin robar da ta rage maka kafin iyaka.

Karatun layukan kuwa kamar haka ne. Layin 3 ya nutse a duk wurare taran, ci gaba da hawa, ka sake dubawa bayan wata ɗaya. Layin 3 ya fito amma na 2 ya nutse, doka ba ta kama ka ba, sai dai riƙon tayar a kan jiƙaƙƙen titi ya ragu ƙwarai. Kwarin nan shi ne magudanar da ruwa ke bi ya fice daga ƙarƙashin taya, kuma rami mai milimita 2 ba zai kwashe abin da mai 8 yake kwashewa ba. In ruwan ya fi ƙarfinsa tayar takan hau kansa, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, birki ya ƙi ci. A ra'ayinmu, wanda zai yi doguwar tafiya a watan Yuli ko Agusta kada ya shiga hanya da abin da ya gaza milimita 3. In kuwa layin 2 ya fito, kana tsakanin 2 da ƙasa, inda kwabo da ido ba za su iya raba 1.9 da 1.5 ba. Nan ne geji ya zama dole, ko kuma ka ɗauka kawai cewa lokacin canji ya yi.

Mataki na 7: Rubuta lambobin ka karanta abin da suke faɗa

Bari mu bi misali guda daki-daki. Mota ce mai jan gaba, an sa mata sababbin tayoyi huɗu masu milimita 8, ta yi kilomita 30,000 ba a taɓa sauya musu wuri ba. An gwada da kwabo, aka tabbatar da geji, ga mafi ƙarancin abin da aka samu a kowane kwari, daga waje zuwa tsakiya zuwa ciki.

Gaba dama: 3.5, 3.5, 3.5. Gaba hagu: 4, 3, 1.5. Baya dama: 5.5, 4, 5.5. Baya hagu: 5.5, 5.5, 5.5.

Tayar gaba ta dama ta ci daidai wa daida. Ta cinye milimita 4.5 a kilomita 30,000, wato 0.15 a kowane kilomita dubu. Saura 1.9 ta kai iyakar doka, kusan kilomita 12,700 ke nan in tuƙin bai canja ba. Amma rabin milimita kawai ya raba ta da layin 3, wanda bai wuce tafiyar kilomita dubu uku da 'yan kai ba.

Ta hagu ita ce matsalar. Wanda ya tsaya a gefen motar ya kalle ta zai ga milimita 4 ya ce da sauranta, domin kwarin waje ne kawai ido ke gani. A ciki kuwa gadar ta riga ta haɗe da fuska. Tayar ta fita daga doka, sai canji. Cin gefe ɗaya irin wannan alama ce ta ƙafar mota ta karkace, ko dai alaimen ya goce bayan faɗawa rami, ko tayarod ko boljoyin ya yi lam. In aka sa sabuwar taya ba a gyara wannan ba, ita ma haka za ta ci cikin 'yan watanni. A fara kai wa makaniki ya girgiza ƙafar ya duba, a canja abin da ya mutu, sannan a yi alaimen, sannan a more sabuwar taya.

Ta baya dama ta fi cinyewa a tsakiya, alamar an daɗe ana cika mata iska fiye da kima, cikinta ya turo. Akasin haka, wato kafaɗu biyu su cinye tsakiya ta rage, ƙarancin iska ne. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma shi za ka gaya wa mai faci. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. In kuma ka shafa tayar ka ji tudu da kwari suna bin zagayenta kamar an ɗeɗɗebe da cokali, duba shokozoba da balansin.

A wannan motar abin da ya fi shi ne a sayi biyu, tunda ta dama ma ta kusa layin gargaɗi, don kada gatari ɗaya ya ɗauki taya mai 8 da mai 3.5. Shawarar kamfanonin taya ita ce sababbin su koma baya, na bayan su dawo gaba, ko da motar mai jan gaba ce. Mutane da yawa suna jin wannan bambaraƙwai. Dalilin shi ne in gaba ya zame a ruwa direba yana ji a sitiyari ya sassauta, amma in baya ya zame motar juyawa take yi, kuma ba kowa ke iya dawo da ita ba.

Mataki na 8: Safaya

Fito da ita ka yi mata duk abin da ka yi wa sauran. Sau da yawa tsohuwar da aka cire don ta suɗe ce ake jefawa a but, sai ranar da aka yi faci a daji a tarar babu zane babu iska.

Idan taya ta gwanjo za ka saya

A nan gwajin ya fi sauƙi tunda tayar tana hannunka, amma a nan ne kuma aka fi cutar mai saye. Akwai masu sake sassaƙa suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi su zurfafa ramin, su shafa mata baƙi ta yi ƙyalli. Kwabo zai nutse a ciki lafiya lau, domin ramin da gaske ya yi zurfi, sai dai robar da ke kare wayoyin ciki aka yanke. Gadar ce take tona asirin. Bi alwatikan gefe ka leƙa: in babu gada a saitinsa, wuƙa ta share ta. Duba gindin ramin kuma. Na masana'anta santsi ne, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, na wuƙa kuwa yana da kaushi da karkata, wani wuri faɗi wani wuri tsuke, wani lokaci har zare ko waya na leƙowa. Tayar da aka yarda a sake yanka ita ce ta manyan motoci da aka rubuta REGROOVABLE a gefenta, wadda aka ƙara wa kaurin roba don haka. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan rarar.

Yi lissafin kuɗin da milimita, kada ka tsaya kan farashi kawai. Sabuwa mai 8 tana ba ka 6.4 na amfani. Ta gwanjo mai 4 tana ba ka 2.4, wato ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na sabuwa. In an ce maka rabin kuɗin sabuwa, ka biya tsada.

Abin da kwabo da gada ba sa gani

Taya tana iya cin gwajin nan duka ta kasance ba ta hawuwa. Ƙullutu a gefe yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma ba a yi masa faci. Tsagewa ƙanana masu yawa a gefe ko a gindin kwari alamar roba ta bushe ce, abin da zafin rana irin namu yake gaggautawa, musamman ga motar da ke daɗewa a ajiye a fili. Yanka mai zurfi da ya nuna zare ko waya shi ma ya kashe tayar, komai kyan zanenta.

Sai shekaru. Nemo layin da ya fara da DOT a gefen tayar, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Wani lokaci cikakken layin yana fuska ɗaya ne kawai, in ba ka gan shi a waje ba leƙa ta ciki. Hukumar FRSC tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma jami'anta suna duba wannan lambar a kan hanya, don haka zane mai zurfi ba zai fisshe ka ba in kwanan ya wuce.

Lambar 1.6 ɗin kuma ta ƙananan motoci ce. Babura da manyan motoci suna da nasu ma'aunin: a Birtaniya milimita 1 ne ga babur da ya wuce cc 50 da kuma manyan motocin kaya, a Amurka kuwa tayoyin gaba na babbar motar haya sai sun kai inci 4/32. Gadar tayar babur ma takan fi ta mota gajarta, don haka mai babur ko mai tirela ya auna wa kwabonsa layin da ya dace da abin hawansa kafin ya fara.